Ƙa'idar 72 da ribar kashi 20: yaushe jari zai ninka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Agege, nan Legas. Wani abokin hulɗa ya ce in zuba naira 500,000 a wata harka da take ba da ribar kashi 20 cikin ɗari a shekara, ya ce in raba 72 da 20 zan ga cewa kuɗina za su ninka cikin shekara uku da wata bakwai. Daga ina wannan 72 ta fito, kuma zan iya dogara da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ƙa'idar ta gaskiya ce, masana lissafin kuɗi sun daɗe suna amfani da ita, amma kintace ce, kuma an daidaita ta ne da riba mai matsakaicin girma, daga kashi 6 zuwa kashi 10 a shekara. Da zarar riba ta kai irin wadda muka saba ji a ƙasar nan, wato kashi 20 ko 25 ko 30, sai ƙa'idar ta fara ba da lokacin da ya gaza na gaskiya, ta nuna maka cewa kuɗinka za su ninka tun kafin lokacinsu ya yi. Wannan kuskuren yana da gyara mai sauƙi, kuma zan nuna maka shi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne sharuɗɗan da ƙa'idar ta ginu a kansu, domin a nan ne mutane suka fi yin asara.

Bari mu bi kuɗin naka shekara bayan shekara, domin babu hujjar da ta fi wannan. Idan ribar kashi 20 ta tabbata, kuma ba ka taɓa ko kwabo ba, naira 500,000 za su zama 600,000 a ƙarshen shekara ta farko. A shekara ta biyu ana lissafa ribar ne a kan 600,000, saboda haka za su zama 720,000. A ta uku su zama 864,000, a ta huɗu kuma su zama 1,036,800. Ka ga a ƙarshen shekara ta uku ba su kai miliyan ɗaya ba, a ƙarshen ta huɗu kuma sun wuce da kaɗan. Idan aka bi lissafin daidai, lokacin ninkawar shekara 3.8 ne, wato shekara uku da wata tara da kusan mako uku. Ƙa'idar 72 ta ba da shekara 3.6, wato shekara uku da wata bakwai da 'yan kwanaki. Tazarar da ke tsakani ta kusa wata biyu da rabi, kuma a ranar da ƙa'idar ta ce kuɗinka sun kai miliyan ɗaya, abin da lissafi zai nuna kimanin naira 964,000 ne, saura wajen naira 36,000.

Akwai kuma wani abu da lissafin takarda ba ya nunawa. Idan harkar tana raba riba ne sau ɗaya a ƙarshen shekara, to babu wani abu da zai shigo hannunka a wata na tara ko na goma na shekara ta huɗu. Dole ka jira shekarar ta cika, saboda haka a aikace shekara huɗu cur za ka yi kafin ka ga kuɗin sun ninka.

Mutum zai iya cewa wata biyu da rabi ba wani abu ba ne, kuma a ninki ɗaya haka ɗin ne. Sai dai kuskuren yana taruwa idan aka yi amfani da ƙa'idar wajen hangen nesa. A ce kana so ka san yaushe 500,000 za su zama miliyan huɗu, wato ninki uku a jere. Ƙa'idar za ta ce shekara 10.8, alhali lissafi na daidai shekara 11.4 ne. A shekara 10.8 ɗin, abin da ke hannunka kimanin miliyan uku da dubu ɗari biyar da tamanin ne, ka ga giɓin ya haura naira 400,000. Wanda ya ɗora shirin gina gida a Kano ko kuɗin karatun ɗa a kan wannan kintacen zai ji a jikinsa.

Yanzu sai asalin lambar. Lissafi na daidai na lokacin ninkawa yana amfani da abin da masana lissafi suke rubutawa ln, kuma akwai maɓallinsa a kalkuleta ta kimiyya, har da wadda ke cikin yawancin wayoyin hannu. Tsarin shi ne:

```
t = ln(2) / ln(1 + r)
```

A nan t shi ne adadin shekaru, r kuma ita ce ribar idan an raba ta da ɗari, wato kashi 20 ya zama 0.2. Darajar ln(2) kimanin 0.693 ce. Idan ribar ƙarama ce ƙwarai, ln(1 + r) yakan yi kusa da r ɗin kanta, sai lissafin ya koma raba 69.3 da ribar. Ma'ana, lambar asali 69.3 ce, kuma ita ce daidai idan ana ƙara riba a kan uwar kuɗi a kowane lokaci babu tsayawa. Amma idan sau ɗaya a shekara ake ƙarawa, ribar da aka samu a farkon shekara tana zaune ne ba ta haifar da komai sai shekara ta ƙare, saboda haka ninkawar takan ɗan jinkirta, kuma lambar da ya kamata a raba takan ɗara 69.3. Gwargwadon girman ribar, gwargwadon girman wannan jinkirin. A kashi 2 lambar da ta dace 70 ce, a kashi 8 ta zama 72, a kashi 14 ta zama 74, a kashi 20 kuma 76.

To me ya sa 72 ce ta shahara? Dalilai biyu ne. Na farko, ta yi daidai a wajen kashi 8, wanda yake tsakiyar ribar da aka fi mu'amala da ita a ƙasashen da farashi ba ya tashi sosai. Na biyu, lamba ce mai sauƙin rabawa a ka, domin 2 da 3 da 4 da 6 da 8 da 9 da 12 duk suna raba ta ba tare da saura ba, alhali 69.3 sai da biro da takarda. Kuma tsohuwar ƙa'ida ce: masanin lissafin nan ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya ambace ta a littafinsa na lissafi da aka buga a birnin Venis a shekarar 1494, bai kuma bayyana yadda aka samo ta ba, abin da ya sa masana suke ganin 'yan kasuwa sun san ta tun kafin zamaninsa.

A cikin yankinta, ƙa'idar tana da kyau ƙwarai, kuma ban yarda da masu raina ta ba. A kashi 6 ta ce shekara 12, gaskiyar kuwa 11.9 ce. A kashi 8 ta ce shekara 9, gaskiyar 9.01 ce, bambancin 'yan kwanaki ne kawai. A kashi 10 ta ce 7.2, gaskiyar 7.27 ce, wanda bai kai wata ɗaya ba. Ko a kashi 12 kuskuren mako shida ne a cikin shekara shida. Daga nan ne tazarar take fara buɗewa. A kashi 24 ƙa'idar ta ce shekara uku, amma bayan shekara ukun naira ɗari ta zama naira 191 ne kawai, sai an ƙara kusan wata uku. A kashi 36 ta ce shekara biyu, amma naira ɗari za ta kai 185 ne. Idan kana son ka ga inda ta rushe gaba ɗaya, ɗauki ribar kashi 72: ƙa'idar ta ce shekara ɗaya, alhali kowa ya san naira ɗari da ribar kashi 72 naira 172 ce, ba 200 ba. A ɗaya ɓangaren, idan ribar ta yi ƙasa sosai, kuskuren yakan juya: a kashi 1 ƙa'idar ta ce shekara 72, gaskiyar kuwa ba ta cika 70 ba.

Gyaran shi ne wannan: duk lokacin da ribar ta haura kashi 8 da maki uku, ka ƙara ɗaya a kan 72, duk lokacin da ta gaza 8 da maki uku kuma ka rage ɗaya. Ribarka ta kashi 20 ta haura 8 da maki 12, wato uku sau huɗu, saboda haka lambarka 76 ce, kuma 76 a raba da 20 ya ba da 3.8, daidai da abin da muka samu da farko. Ka gwada da kashi 26: ta haura 8 da maki 18, ka ƙara shida ta zama 78, a raba da 26 ya ba da shekara uku. Idan ka duba, naira ɗari za ta zama 126, sannan 158.76, sannan 200.04. Wannan gyaran yana riƙe daidaitonsa har zuwa wajen kashi 35 ko 40, kuma a ganina duk wanda yake lissafin naira a yau ya kamata ya haddace shi tare da ƙa'idar, domin rabin ƙa'ida ce kawai a hannunsa idan babu shi.

Mu koma kan sharuɗɗan, waɗanda na ce sun fi damuna. Sharaɗi na farko shi ne a riƙa mayar da ribar cikin jari tana haifar da wata ribar. Idan kana karɓar naira 100,000 ɗinka duk shekara kana cefane da biyan kuɗin haya, to ƙa'idar 72 ba ta shafe ka ba sam. Lissafinka ya koma raba 100 da 20, wato shekara biyar kafin jimillar ribar da ka karɓa ta kai uwar kuɗin. Takardun Sukuk na gwamnatin tarayya misali ne mai kyau, domin 'yan'uwanmu da dama masu guje wa kuɗin ruwa suna saya. Na farko da aka fitar a shekarar 2017 na naira biliyan 100 ne, na tsawon shekara bakwai, da ladan haya na kashi 16.47 a shekara, ana biya sau biyu a shekara zuwa asusun mai takardar. Wanda ya raba 72 da 16.47 zai samu shekara 4.4, amma wannan ba zai tabbata ba sai idan duk lokacin da aka biya shi ya samu inda zai sake zuba kuɗin nan take da riba irin wannan. Wanda ya riƙa karɓa yana ajiyewa a asusu kuwa sai da ya haura shekara shida kafin jimillar ladan ta kai kuɗin da ya zuba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa abokin hulɗarka ita ce: ribar nan ana mayar da ita cikin harkar ne, kuma idan an mayar, harkar tana da girman da za ta juya ƙarin kuɗin da riba iri ɗaya? Kai da kanka ka san cewa shagon da yake sayar da buhu hamsin a mako ba zai koma sayar da ɗari don kawai jarinsa ya ninka ba, sai idan masu saye ma sun ƙaru.

Akwai ƙaramin batu da ke rataye da wannan, wato sau nawa ake ƙara ribar. Idan kashi 20 ɗin ana raba shi ne kashi goma sha biyu ana ƙarawa duk wata, to kuɗin za su ninka cikin wata 42, wato shekara uku da rabi. A nan 76 ba ta dace ba, 70 ce ta dace, kuma ƙa'idar 72 ta koma ba da lokacin da ya ɗara gaskiya. Dalilin kuwa shi ne ma'aunin ya koma wata, kuma ribar wata ɗaya ba ta kai kashi 2 ba. Ka riƙa tambaya ko kashi 20 ɗin da aka faɗa maka shi ne abin da ake samu bayan an tara komai a ƙarshen shekara, ko kuwa adadi ne da ake rarrabawa a kan watanni.

Sharaɗi na biyu shi ne ribar ta zama iri ɗaya kowace shekara, kuma a kasuwanci na gaskiya wannan ba ya faruwa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki matsakaici, kuma nan ma akwai tarko. A ce bana harkar ta ba da ribar kashi 50, baɗi kuma aka yi asarar kashi 10. Idan aka haɗa aka raba biyu, matsakaicin kashi 20 ne, kuma mai harkar bai yi ƙarya ba idan ya faɗi haka. Amma bi kuɗin ka gani: 500,000 sun zama 750,000, sannan asarar kashi 10 ta mayar da su 675,000. Da ribar kashi 20 ce tsayayya, da 720,000 ne. Haƙiƙanin girman jarin a cikin shekara biyun nan kashi 16.2 ne a shekara, kuma idan haka abin ya ci gaba, ninkawar za ta ɗauki shekara 4.6, wato ƙarin shekara guda cur a kan abin da aka faɗa maka. Gwargwadon yadda riba take hawa da sauka, gwargwadon yadda matsakaicin baki yake ɗara girman gaskiya. Hanyar ganewa ita ce ka nemi a nuna maka adadin jarin a farko da adadinsa a ƙarshen kowace shekara, ka yi lissafin da kanka daga waɗannan adadin, kada ka tsaya a kan kashin da aka faɗa.

Haka nan ribar da za ka raba da ita dole ta zama wadda ta rage bayan an cire duk abin da ake cirewa, kamar kason mai juya kuɗin da haraji idan akwai. Zakka ma tana cikin lissafin idan dukiyarka ta kai nisabi. Kashi biyu da rabi na dukiyar da ta girma da kashi 20 yana mayar da girman zuwa kashi 17, domin naira ɗari ta zama 120, an fitar da naira uku, saura 117. Da gyaran da na nuna, 17 ta haura 8 da maki tara, lambar ta zama 75, a raba da 17 ya ba da shekara 4.4.

Sharaɗi na uku shi ne mafi nauyi ga mai ajiyar naira. Ƙa'idar tana gaya maka lokacin da adadin kuɗi zai ninka, ba ta cewa komai game da abin da kuɗin za su iya saya. Ita wannan ƙa'idar kuma tana aiki a kan farashi kamar yadda take aiki a kan jari. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar farashi na watan Disambar 2024 a matsayin kashi 34.8, kafin ta sauya shekarar da take ma'auni da ita a farkon 2025. Da a ce wannan adadin ya ɗore, ƙa'idar 72 za ta ce farashi zai ninka cikin shekara biyu da wata ɗaya, gyararriyar ƙa'ida kuma, mai lamba 81, za ta ce shekara biyu da kusan wata huɗu, kuma ita ce daidai. A irin wannan yanayin jari mai ribar kashi 20 raguwa yake yi: idan ka raba 1.2 da 1.348 za ka samu 0.89, wato ƙarfin sayen kuɗinka yana sauka da kashi 11 duk shekara, kuma cikin kimanin shekara shida zai koma rabi, duk da cewa adadin naira a takarda ya kusa ninkawa uku.

Mu ɗauki yanayi mai sauƙi, a ce hauhawar farashi ta tsaya a kashi 15 a tsawon lokacin. Yawancin mutane sukan cire 15 daga 20 su samu 5, su raba 72 da 5 su ce shekara 14.4. Cirewar nan ita ma kintace ce, kuma tana aiki ne kawai idan adadin biyun ƙanana ne. Hanya ta daidai ita ce rabawa: 1.2 a raba da 1.15 ya ba da 1.0435, wato ribar gaskiya kashi 4.35 ce. Ka duba da buhu: idan buhun hatsi naira 100,000 ne yau, kuɗinka suna sayen buhu biyar. Baɗi kana da 600,000, buhu kuma ya koma 115,000, za ka sayi buhu biyar da ɗan abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin biyar na buhu. Kafin kuɗin su iya sayen buhu goma sai an yi shekara 16.3. Ka lura cewa kuskuren cirewa kaɗai ya ɓoye kusan shekara biyu, ya ninka kuskuren ƙa'idar 72 ɗin kanta sau da yawa, sannan tazarar da ke tsakanin shekara uku da wata bakwai da aka faɗa maka da shekara goma sha shida ta fi duka girma.

Kafin ka ba da kuɗin, Alhaji, ka zauna da abokin hulɗar ka nemi adadin jarin harkar na ƙarshen kowace shekara da ta gabata, ka fitar da girmansa na gaskiya, ka cire kasonsa da zakka, sannan ka raba abin da ya rage da hauhawar farashin da kake gani a kayan da kai kanka kake saye da sayarwa a Agege, kamar yadda muka raba 1.2 da 1.15. Kashin ribar gaskiya da ka samu, irin 4.35 ɗin da ya fito daga 1.0435, shi za ka raba 72 ko gyararriyarta da shi. Idan kana son tabbatarwa, rubuta `=LN(2)/LN(1+0.2)` a Excel, ka sauya 0.2 da naka adadin, za ka ga shekarun daidai. Ka kuma yi wa naka cinikin hatsin irin wannan lissafin, domin idan 500,000 ɗin suna girma da fiye da haka a shagonka, inda idonka yake kansu, to babu dalilin fitar da su. Allah Ya sa albarka a nema.